Sallamar Sakan Biyu

Shekara uku na yi ina amsa saƙonnin manoma a wani ɗan ofis da ke bayan shagon taki a Tudun Wada, amma duk lokacin da na tuna aikin, damina ɗaya ce take fara zuwa mini, da gonar masarar wani dattijo a gefen Falgore. Masarar ta lalace, kuma da hannuna a ciki. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa laifin na'ura ne, sai dai na'ura ba ta san sallama ba, ni kuwa da ita aka raine ni.

Kamfanin da nake wa aiki yana da manhaja ta waya don manoma. Mutum zai ga farashin hatsi a kasuwanni, ya ga hasashen ruwan sama, in kuma yana da tambaya sai ya aiko da saƙon murya. Mu biyu ne masu amsawa: ni, da wani malamin gona da ya girme ni da kusan shekara ashirin. Ni nake saurare in tace, shi yake ba da amsa a kan abin da ya shafi shuka.

Matsalar tana wajen maɓallin aika saƙon. Wani ƙaton kore ne a ƙasan fuskar wayar, ta hannun dama, daidai inda babban yatsa yake kwanciya in mutum ya riƙe waya. Taɓawa ɗaya ya fara ɗaukar murya, taɓawa ta biyu ya aiko. In ba a sake taɓa shi ba, bayan minti guda ya aiko da kansa. Waɗanda suka zana shi sun yi ne don sauƙaƙa wa wanda bai iya karatu ba, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai manomi ba ya kulle waya. Zai duba farashi, ya jefa ta a aljihun gefe na riga, ya sunkuya ya kama fartanya, cinya da yadi su yi ta danne-danne.

Da damina ta kankama sai saƙonni suka yi mana ambaliya. In na zo da safe, sai in tarar da jerin saƙonni ya cika, amma rabi ba kowa a ciki. Tambayar gaske takan kwana biyu a ƙarƙashin tarkace kafin mu iso gare ta. Malamin gona yakan ce mun zama masu tsince tsakuwa a shinkafa, sai dai tamu tsakuwar ta fi shinkafar yawa. Ba wanda ya ba mu umarni, amma a hankali muka koyi tsallake duk saƙon da muka ga gajere ne sosai. Ido ya saba, hannu ya saba.

Da ƙorafinmu ya yi yawa, sai aka turo mana mai zanen manhajar daga Kano. Mace ce mai natsuwa, muna ce mata Hajiya. Ta zauna a kan bencinmu ta ce ba za ta taɓa maɓallin ba sai an ƙirga.

“Kuna cewa rabi kuskure ne. Wane irin kuskure? In aljihu ne, maganinsa daban. In yatsa ne yake zamewa, maganinsa daban. Ku ƙirga mini, ku sa wa kowane saƙo alama.”

Ta fitar mana da kundin saƙonnin mako shida a jadawali a kan kwamfuta. Kowane layi saƙo ɗaya ne: lambar da aka ba manomin a madadin sunansa, ranar, lokacin, tsawon saƙon, da shafin da yake kai kafin ya taɓa maɓallin. Gurbi na ƙarshe babu komai, nan za mu rubuta alama. Alamomin biyar ne: tambaya, aljihu, zamewa, maimaici, ban tabbata ba. Ta ce kowannenmu ya yi nasa shi kaɗai, kada mu leƙa na juna, daga baya za ta gwada ta ga inda muka dace da inda muka saɓa. Ta kuma ce a saurari kowanne. Wannan maganar ta faɗe ta da bakinta, ina zaune, ba zan yi mata ƙarya ba.

Kwana biyun farko na yi aikin tsakani da Allah, har ma ya so ya yi mini daɗi. Saƙon aljihu ba ya ɓuya. Minti guda cif, gogar yadi, sai sarar fartanya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko ƙarar babur a kan hanya mai ramuka. Akwai wani daga Tiga da aljihunsa ya aiko mana da ƙarar ruwa a jikin kwalekwale sau bakwai a wuni ɗaya. Akwai wanda na ji yana cinikin akuya a kasuwar Dangora, yana rantsuwa an taya ta da tsada, alhali da kunnena na ji abin da aka taya. Saƙon zamewa kuma gajere ne, sakan ɗaya ko biyu, kuma kusan kullum daga shafin farashi yake zuwa, domin mutum yana jan shafin sama da yatsa sai ya faɗa kan koren, ya firgita ya sake taɓawa. Wani lokaci ana jin “af!” a ciki. Maimaici shi ne wanda ya aiko tambaya, bai ga alamar ta tafi ba, ya sake aikowa.

A rana ta uku na duba abin da ya rage. Layi sama da dubu biyu, Hajiya tana son sakamako ranar Litinin, ga sababbin saƙonni ba su fasa shigowa ba. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar malalaci da yake ɗauka wayo ne. Na jera jadawalin bisa tsawon saƙo, gajeru suka taru a sama. Na saurari ashirin daga ciki, duk zamewa ne. Na ce to, me mutum zai faɗa a ƙasa da sakan uku? Na rubuta “zamewa” a gurbi ɗaya, na kama shi na ja har ƙasa. Aikin kwana biyu ya ƙare kafin shayina ya huce.

Da Hajiya ta gwada nawa da na malamin gona, ta yi murna, ta ce mun dace kusan a ko'ina. Ba ta san dalilin ba. Shi ma dabarar da ya yi ke nan, domin ni na raɗa masa ita a wajen alwala. Mutum biyu suka yi ha'inci iri ɗaya, takarda ta nuna gaskiya ce mai shaidu biyu.

A kan wannan ƙirgar aka sake zanen. An ɗauke maɓallin daga inda yatsa yake kwanciya, aka mayar da shi tsakiya, aka rage masa girma. Aka ce sai an danna an riƙe yake ɗaukar murya, in an saki ya tsaya, don maganin aljihu. Sannan, tunda ƙirgarmu ta nuna duk abin da bai kai sakan uku ba kuskure ne, aka sa wayar da kanta ta zubar da irin wannan saƙon, kada ma ya iso ofis. Sai dai ta nuna wani ɗan rubutu da boko: saƙo ya yi gajere, sake gwadawa.

Kuma gyaran ya yi aiki, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Cikin mako biyu jeri ya washe. Tambaya takan samu amsa a wunin da ta zo. Malamin gona ya sayo mana tsire, muka ci muna yabon kanmu.

Bayan kamar wata guda, Hajiya ta kira ni. Tana rubuta rahoto, tana son in ɗebo saƙo hamsin daga tsofaffin da muka sa wa “zamewa”, ba tare da zaɓe ba, in saurara don a tabbatar. Na sa abin sauraro a kunne ina hamma. Na farko shiru. Na biyu “af!” Haka har na goma sha wani abu. Sai na ji muryar tsoho, a natse, ba gaggawa:

“Salamu alaikum.”

Sakan biyu. Na mayar na sake ji. Ba aljihu ba ne, ba zamewa ba ce. Bakinsa yana kusa da wayar, kuma daga shafin farko ya taɓa maɓallin, ba daga shafin farashi ba. Wannan bayanin yana nan a jadawalin tun ranar farko, ni ne ban duba ba.

Na tace jadawalin da lambarsa. Layi tara suka fito. Uku a jere, safiya uku, duk bayan hantsi ya fara. Sai shiru na kwana huɗu. Sai wasu uku. Sai shiru. Sai uku na ƙarshe, kuma a na tara muryar ta ɗan canza, ya ce, “Salamu alaikum, da mutane?” Ko wannan bai cika sakan uku ba. A gaban kowane layi ga alamata, zamewa, zamewa, har tara. Ba a amsa ko ɗaya ba. Daga ranar da sabon zane ya sauka a wayarsa kuwa, babu sauran layi.

Ban buƙaci a yi mini fassara ba. Ni ɗan Kiru ne, a zauren kakana na tashi. Dattijo ba ya faɗa gidan mutane da buƙatarsa a baki. Zai tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya jira. In ya yi sau uku ba a amsa ba, ya juya. In an amsa, a gaisa, a tambayi iyali da ruwa da gajiya, sannan a ce, “Dama abin da ya kawo ni.” Mutumin nan ƙofarmu ya tsaya, sau tara, mu muna ciki muna cewa iska ce take kaɗa labule. Takardar rajistarsa ta ce yana ƙaramar hukumar Doguwa, kusa da Falgore, yana noman masara.

Na ci gaba da sauraron sauran hamsin ɗin, na sami wasu sallama biyu daga mutane daban. Na kira Hajiya na gaya mata komai, har da yadda na ja alamar. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

“Za a gyara,” in ji ta. “Amma ka sani ba yau ba ne. Dokar sakan ukun a cikin wayoyin take, ba a wajenmu ba. Sai an fitar da sabuwar manhaja, kuma masu rubuta ta suna kan wani aikin har bayan kaka. In an fitar ma, sai wayar mutum ta sami data ta sabunta.”

“Hajiya, waɗanda suke yin sallama yanzu fa?”

“Ba ma ganinsu. Wayar ba ta ajiye abin da ta zubar. Ko yawansu ba za mu iya sani ba.”

Garin gyaran gira mun rasa ido. Da, ko ba mu amsa ba, aƙalla sawun mutum yana nan a kundi. Yanzu kundin ya yi fes, kuma tsabtar tasa ita ce aka rubuta a rahoto a matsayin nasara.

Na nemi izini aka ba ni lambar wayar dattijon. Kwana biyu ina kira ba ta shiga, domin sabis a wajensu sai an hau tudu. Ranar Asabar na roƙi malamin gona ya raka ni. Bai yi musu ba, muka hau babur daga Tudun Wada har muka sauka daga kwalta muka kama hanyar daji. Sau biyu muna sauka muna tura babur a cikin taɓo.

Muka same shi a ƙofar gidansa a kan buzu, da littafi a buɗe a gabansa. Ashe malami ne, yana karantar da manya bayan la'asar. Siriri ne, gemunsa fari tas. Muka yi sallama, ya amsa tun kafin mu rufe baki. Ya sa aka kawo tabarma da ruwa, muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Tudun Wada. Ina amsawa ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai da aka gama duka sannan malamin gona ya ce daga wajen masu manhajar waya muke.

Dattijon ya ɗan yi murmushi. “Ikon Allah. Ashe da mutane a gidan.”

“Baba, mun ga kun yi sallama ne,” na ce. “Mun zo mu ji ko lafiya.”

“Lafiya lau, ɗana. Dama tambaya ce, amma lokacinta ya wuce. Ku zo ku gani.”

Gonar tana bayan gari, tafiyar minti goma. Tun daga nesa malamin gona ya rage sauri. Masarar maƙwabta ta yi goyo, kore shar. Tasa kuwa ganyen duk huji ne, kamar an bi shi da almakashi, wasu karan ba su wuce ƙugu ba, tsakiyarsu ta mutu. Waɗanda suka daure suka yi goyo, da malamin gona ya ɓare ɗaya, sai ga tsutsa ta riga ta shige ciki, ta bar kashinta kamar dusa. Ya ɓare na biyu, ya ɓare na uku, ya daina.

Dattijon ya ba mu labari ba tare da ɗaga murya ba. Ya ga tsutsar tun masara tana gwiwa. Ya sayi magani a kasuwa ya fesa, bai ga ta mutu ba. Ya sake fesawa, haka. Wanda ya sa masa manhajar ya gaya masa akwai malaman gona a ciki, shi ya sa ya ce bari ya tambaya, ko maganin ne ba shi da kyau.

“Da wane lokaci kuke feshin, Baba?” in ji malamin gona.

“In na tashi daga karatun safe. Rana ta ɗaga sosai.”

“A kan ganye?”

“A kan ganye mana.”

Malamin gona ya kalle ni, na kalli ƙasa. Tsutsar nan da rana a cikin kurmin tsakiyar masarar, inda sabon ganye yake fitowa, take ɓuya. Ana feshinta ne da sassafe ko da yamma, a saita bakin famfon cikin kurmin, tun tana ƙanana. Amsar da ya ba mutane da yawa a daminar nan ke nan, ba ta kai minti ɗaya ba. A makon da na zauna ina jan alama, masarar nan tana da sauran ceto.

“Na yi sallama kwana uku, ba a amsa ba, na ce wataƙila ba sa nan,” in ji dattijon. “Da na ga abin yana ƙaruwa na koma. Na sake komawa. Daga baya ma sai abin ya canza, in na yi sallama sai wani rubutu ya fito ya ɓace. Ni kuwa boko ban yi ba. Na ce to, an sallame ni ke nan, kada in zama mai naci.”

Na so in ce ni ne. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Kuskure ne daga wajenmu, Baba.” Wajenmu. Ko a nan sai da na raba laifin da mutanen da ba su ji ba su gani ba.

“Allah Ya riga Ya rubuta,” ya ce. “Abin da ya rage a ciki, shi ne rabonmu.”

Na tambayi malamin gona a hankali ko akwai abin da za a yi. Ya girgiza kai. Tsutsar da ta shiga goyo feshi ba ya kai mata, sayen magani yanzu asara ce a kan asara. Gidan dattijon na ga mutum ya fi goma, kuma rumbu ɗaya na gani.

Da muka dawo ƙofar gida, na ce bari aƙalla in nuna masa yadda sabon maɓallin yake, saboda gaba. Ya ciro wayar daga aljihu, a naɗe cikin leda saboda ruwa. Na durƙusa a gefensa.

“Baba, za ku danna nan ku riƙe. Kada ku saki. Ku yi sallama, ku wuce kai tsaye ku faɗi abin da ke tafe da ku, sannan ku saki.”

“Ba sai an amsa ba?”

“Ba sai an amsa ba. Ba a jin ku a lokacin. Sai daga baya.”

Ya dube ni da kyau. “In yi ta zuba ga wanda bai ce mini shigo ba?”

Ni da ko ɗakin mahaifiyata ba na shiga sai ta amsa, ga ni durƙushe ina koya wa mai furfura ya bar abin da yake koya wa mutane. Sai ya tausaya mini, ya ce bari ya gwada. Ya ɗora babban yatsansa mai kanta a kan maɓallin, ya kawo wayar kusa da baki, ya gyara murya.

“Salamu alaikum.”

Ya ɗaga yatsan, ya karkata kai yana jira. Ba da gangan ya yi ba, shekara saba'in ce ta ɗaga masa shi. Rubutun ya fito a gabana, ya ɗan tsaya, ya ɓace.

“Wa alaikumus salam, Baba,” na ce.

Ya yi ɗan murmushi, ya mayar da wayar cikin ledarta, ya naɗe a hankali.

“A bar shi, ɗana. Na gode da tattaki. Ku kama hanya tun hadarin can bai sauko ba.”